Me ya sa sabon fenti yake yin danƙo a kan sabuwar filasta?

Sau da yawa mai gida ne ke matsa wa mai fenti lamba, saboda biki ya gabato ko ɗan haya na jiran mukulli. A yi filasta yau, a shafa fenti bayan mako guda. Kafin wata uku bango ya fara kumbura, launi ya koɗe, wani wuri kuma idan ka taɓa sai ka ji danƙo a yatsa. Sai a ce fentin jabu ne, alhali galibi laifin gaggawa ne.

Idan siminti ya haɗu da ruwa yana fitar da wani sinadari mai kaifi, dangin soda da kanwa. A ma'aunin pH, inda ruwa mai tsabta yake kan 7, sabuwar filasta tana kaiwa 12 zuwa 13. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa ruwan toka da mai a yi sabulun salo ya riga ya san abin da zai biyo baya: fentin mai yana ɗauke da mai, bango yana ɗauke da kaifin, danshi kuma ya haɗa su. A zahiri fentin sabulu yake zama, ya yi laushi, ya riƙa tsiyayar da ruwa mai ruwan ƙasa. Fentin ruwa ya fi juriya, amma shi ma farin gishiri kan tsattsafo ta ƙarƙashinsa ya ɓamɓare shi.

Kaifin nan iska ce ke kashe shi, a hankali, daga fuskar bango zuwa ciki. Shi ya sa masu harkar suka tsayar da kwana 28 a matsayin mafi ƙarancin jira. A ce an gama filasta mai kaurin milimita 15 a Kano a farkon Agusta. Makon farko na ba ta ruwa ne domin ta yi ƙarfi, don haka bushewa ba ta ma fara ba. Da damina, a ɗakin da iska ba ta ratsawa, mako shida ba su yi yawa ba. Hunturu kuwa mayaudari ne: fuskar bango takan yi fari fat cikin kwana biyu, cikinsa na jiƙe.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A yanko leda kamar santimita 45 kowane gefe, a manna ta a bango da salatif ta ko'ina, a bar ta ta kwana, aƙalla awa 16. In an ɗaga an ga raɓa a jikinta, ko wurin ya yi duhu, a ƙara haƙuri. In an ga farin gishiri, a goge shi da busasshen buroshi, kada a sa ruwa.

Wanda dole ta sa ba zai iya jira ba, ya tsaya ga fentin ruwa, ya tsinka shafin farko da ruwa domin bango ya samu hanyar fitar da danshi. Fentin mai kuwa ya dakata sai leda ta kwana a bushe, sannan a fara da shafin ƙasa mai jure kaifin siminti.