4.3 Auna Tasirin Bitar Rage Ƙyamar Masu Farfaɗiya Tsakanin Malaman Sakandare

Wannan sashe zai yi bayanin yadda ake gane ko bitar da aka shirya wa malamai ta rage ƙyamar da ake nuna wa ɗalibai masu farfaɗiya. An kalli batun ne ta fuskar makarantun karkara na arewacin Jihar Kano, irin na ƙasar Bichi da Ɗambatta da Makoɗa. A nan ƙauyuka na kusa da juna, don haka idan yarinya ta faɗi a aji, kafin magariba labari ya kai gidan da ake neman aurenta.

Binciken Owolabi da abokan aikinsa na 2014 a kan malaman makarantu a Kano ya nuna akwai ƙarancin sani game da ciwon. A 2015 kuma, Eze da abokan aikinsa sun ilmantar da ɗaliban wata kwalejin horon malamai a Legas, suka sake gwada su bayan mako 12, suka tarar saninsu da halayyarsu sun inganta. Irin wannan tsari na gwaji kafin bita da bayanta shi ne abin dubawa a nan.

4.3.1 Abin da Ake Aunawa

Bitar kan tsaya a kan abu biyu. Na farko, farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba a ɗaukarsa ta yawu ko taɓawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu shi za su iya daina faɗuwa idan sun sami magani yadda ya kamata. Na biyu shi ne taimakon farko: a kawar da benci, a sa abu mai taushi ƙarƙashin kai, a juya ɗalibi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, a garzaya asibiti idan jijjigar ta wuce minti 5.

Takardar tambayoyi kan zo kashi biyu. Kashin sani ana amsa shi da "gaskiya" ko "ƙarya". Kashin ƙyama kuwa yana bin ma'aunin nesanta kai da Bogardus ya fito da shi a shekarun 1920, inda tambayoyi ke matsowa kusa da mutum sannu a hankali: zama aji ɗaya, benci ɗaya, cin tuwo kwano ɗaya, sannan aure. Kashi na biyu shi ne ma'aunin gaskiya, domin malami na iya haddace cewa yawu ba ya yaɗa ciwon amma ya hana ɗansa haɗa kwano da mai shi.

4.3.2 Misalin Lissafi

A ƙaddara malamai 40 ne suka halarta, aka tambaye su ko za su bar ɗansu ya zauna benci ɗaya da mai farfaɗiya. Kafin bita 14 suka ce i, bayanta 26. Wannan ƙarin 12 bai isa hujja ba sai an san su wa suka sauya. Saboda haka akan ba kowane malami lamba a madadin suna, a haɗa takardunsa biyu. A ce 15 sun koma daga a'a zuwa i, 3 kuma daga i zuwa a'a. Da dace ne kawai, da masu sauyawa ta kowane ɓangare sun zo kusan daidai. Tazarar 15 da 3 ita ce shaida. Su kuma ukun nan abin bibiya ne, domin mai yiwuwa bayanin jijjiga ya tsorata su maimakon ya kwantar musu da hankali.

4.3.3 Inda Gwajin Yake Yaudara

Matsala ta farko ita ce kunya da kara. Malamin da ya ci abincin bita ba ya son ya ba mai horarwa kunya, sai ya rubuta amsar da ake so. Alamar haka ita ce a ga dukkan amsoshi sun tashi lokaci ɗaya, har da ta aure, wadda ba ta saurin motsi. Maganinta shi ne a sa wani dabam ya karɓi takardu, a kuma maimaita gwajin bayan wata 3.

Ta biyu ita ce ɓacewar masu amsawa. Idan gwaji na uku ya faɗo lokacin shuka ko girbin gero, malamai da yawa na gona, wasu kuma an yi musu canjin wurin aiki. Waɗanda suka dawo galibi su ne masu sha'awar batun, sai sakamako ya kumbura. Wajibi ne a faɗi adadin waɗanda suka ɓace da abin da suka amsa tun farko.

Ta uku, ana buƙatar makarantar kwatance wadda ba a yi wa bita ba. Sai dai a wannan yanki malamai na haɗuwa a kasuwa da masallacin Juma'a, labari ya ratsa. Ya kamata a zaɓo ta daga wata ƙaramar hukuma.

A taƙaice, takarda na auna abin da malami ya ce ne kawai. Abin da ya aikata sai a rajistar aji: ko ɗalibin da ya faɗi ya dawo makaranta, bayan kwana nawa, kuma a wane benci aka zaunar da shi.