Na'ura Ta Riƙe Kuɗi, An Cire Maka Sau Biyu

Ka nemi N20,000 a ATM, na'ura ba ta ba ka ko sisi ba, amma saƙo ya shigo sau biyu, N40,000 ta tafi. Bankin da ke riƙe da asusunka za ka rubuta wa, ko da na'urar ta wani bankin ce.

A taƙaita wasiƙar: suna da lambar asusu, wurin na'urar, rana da lokaci. Ka fayyace cewa cirewa biyu ce kuma ba ka karɓi komai ba, domin in ka yi sakaci ana iya mayar da N20,000 kawai a rufe magana. Haɗa da hoton saƙonnin biyu. Kada ka rubuta lambar sirrinka.

A buga wa kwafinka hatimi, a ba ka lambar ƙorafi. Idan mako biyu ya wuce shiru, kai kuka Babban Bankin Najeriya.