Bututun Inci Biyu da Bai Kai Inci Biyu Ba

Duk mai aikin haɗa bututun ƙarfe ya san rubutu irin NPS 2 SCH 80 a takardar aiki. Sabon shiga kan ɗauka ramin bututun inci biyu ne cif. Ba haka ba ne. NPS suna ne kawai da ake kiran girman bututu da shi, SCH kuma lambar kaurin jikinsa.

A teburin ASME B36.10M, faɗin NPS 2 daga waje milimita 60.3 ne, kuma ba ya sauyawa komai kaurin, domin kayan haɗi su zauna daidai. Saboda haka idan kauri ya ƙaru, ta ciki yake ci.

Lissafin ba wuya: a ninka kauri sau biyu, tunda jikin yana gefe da gefe, a cire daga faɗin waje. Kaurin SCH 40 milimita 3.91 ne, ninkinsa 7.82, rami ya zama 52.48. Na SCH 80 kuwa 5.54 ne, sai rami ya koma 49.22. Milimita uku kamar ba komai, amma hanyar ruwa ta ragu da kusan kashi 12 cikin ɗari, famfo kuma zai ji a jikinsa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cire kauri sau ɗaya. Wani kuma a ɗauki kaurin SCH 40 na wani girman, alhali kowane NPS da nasa. Sai daga NPS 14 zuwa sama ne sunan ke daidai da faɗin waje a inci.