"A Ci Gaba Min da Labarina": Daga Ina Za a Tashi?

Duk wanda ya ɗan yi suna a rubutun ƙagaggun labarai ya san irin wannan saƙo. Yarinya ce ta fara littafi, ta kai babi na goma sha biyu, sai alƙalami ya cije. Sai ta rubuto wa wata marubuciya da take gani da ƙima: "Anti, don Allah ki taimaka ki ci gaba min daga inda Zainab ta buɗe ƙofa ta gan shi tsaye." Iyakar saƙon ke nan. Babu babin baya ko ɗaya, babu bayanin wace ce Zainab, balle a ce ga yadda ake ba da labarin.

Ita mai roƙon ba rowa ta yi ba. Ta daɗe tana kwana tana tashi da mutanen nan a ranta, har ta manta cewa a kanta kaɗai suke zaune. A wurinta "shi" mutum ɗaya ne tak. A wurin Anti kuwa yana iya zama mijin da ya sake ta, ko yayanta da aka ɗauka ya rasu, ko mai gidan haya da ya zo karɓar kuɗinsa. Kowanne da irin abin da zai biyo baya: wani a rufe ƙofa, wani a faɗi a sume, wani a shiga ba da haƙuri.

A ce ma an gaya mata mijin ne. Kalmar farko da za ta fito daga bakin Zainab ita ce matsala ta gaba. Idan auren zumunci ne, wataƙila "Yaya" take ce masa tun tana ƙarama. Idan ya girme ta sosai, "Alhaji" ne. Idan sun haihu, yana iya zama "Baban Ummi". Wata kuwa kunya ba ta barin ta ambaci sunansa sam, sai dai ta yi gyaran murya. Mai karatun da ya bi babi goma sha biyu yana jin "Yaya", ranar da ya ji ta kira shi da sunansa kai tsaye zai ɗauka wani babban abu ya faru tsakaninsu. Alhali ba abin da ya faru, Anti ce kawai ba a gaya mata ba.

Daga nan sai maganar sirri, wadda ita ce ta fi wahalar gyara. Labari yana tafiya ne a kan wa ya san me, kuma yaushe ya sani. Idan a babi na bakwai Zainab ta gano uwargida ce ta ɓoye takardar asibiti, amma mijin bai sani ba, to duk abin da za su faɗa a bakin ƙofar nan yana ɗauke da wannan nauyi. Marubucin da bai karanta babi na bakwai ba zai iya sa mijin ya ambaci takardar, ya rushe abin da aka yi babi biyar ana ginawa. Ko kuma ya wuce ta bai ko waiwaya ba, mai karatu ya yi ta jiran abin da ba zai zo ba.

Salo kuma ba ya bayyanuwa da baki. Mai roƙo za ta ce "salona mai taɓa zuciya ne", wanda kowa ma haka yake cewa. Abin da ake bukata a gani shi ne: Zainab ce ke ba da labarin da bakinta tana "na ce, na yi", ko wani ne ke ba da shi daga gefe? Marubuciyar tana leƙowa ta sa baki, kamar yadda da yawa daga masu rubutu a waya suke yi? Kananci ake yi ko Sakkwatanci, "me" ko "mi", "yana" ko "shina"? Wannan sai a shafi ake gane shi. Ko Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, da ta fara fitowa a 1937, wanda aka ce ya ƙara mata labari a littafi na farko bai isa ya fara ba sai ya san aku ne ke magana, kuma yana jan zance ne don ya hana Musa ɗan sarki fita. Idan babu wannan, tatsuniya ce kawai ya rubuta.

A ƙasashen da aka daɗe ana wannan sana'a ma haka abin yake. Marubucin Ingila Charles Dickens ya rasu a 1870 yana tsakiyar littafinsa na ƙarshe, labarin ɓacewar wani saurayi mai suna Edwin Drood. Kashi shida cikin goma sha biyu ya samu rubutawa, kuma bai bar rubutaccen tsarin ƙarshen ba. Mutane da dama sun gwada ƙarasawa, ga rabin littafin a hannunsu, amma har yau ana gardamar yadda ya so ya ƙare. Shi kuwa Ba'amurke Robert Jordan, da ya rasu a 2007 bayan littafi goma sha ɗaya na dogon labarinsa, ya san ciwonsa ba na tashi ba ne, sai ya bar bayanai masu yawa har da yadda za a rufe labarin. Matarsa Harriet McDougal, wadda ita ce editarsa, ta zaɓi Brandon Sanderson ya ƙarasa. Duk da wannan tanadi, da mataimakan marigayin da ke duba masa kada ya saɓa wa abin da ya gabata, abin da aka zaci littafi ɗaya ne sai da ya zama uku, na ƙarshe ya fito a 2013. To ina ga wanda aka ba layi ɗaya?

Ci gaban da aka rubuta a makance ba ya ɓuya. Za ka ga ana ta kewaye-kewaye, ana kauce wa sunaye da dangantaka, kowa yana magana irin wadda za ta dace da kowane littafi. Can sai wani baƙo ya faɗo daga sama, ko a yi haɗarin mota, ko a ce "bayan shekara biyar". Ba ƙarancin basira ba ne. Marubucin yana neman hanyar gudu ne daga mutanen da bai sani ba zuwa waɗanda zai iya ƙirƙira da kansa. A ganina, marubucin da ya karɓi irin wannan aiki bai yi tambaya ba ya fi mai roƙon laifi, don shi ya san abin da babu.

Abin da ya kamata Anti ta nema ba shi da yawa. Babi biyu ko uku na ƙarshe a cike, don daga nan za ta ɗauki murya da yanayin da aka tsaya, sai babin farko don ta ga alkawarin da aka yi wa mai karatu. Sauran a taƙaita su a shafi ɗaya. Sai takardar 'yan wasa: sunan kowa, shekarunsa, dangantakarsa da saura, abin da suke kiran juna, da sirrin da ke cikinsa. A ƙarshe a faɗa mata inda aka dosa, ko da a jimla biyu ne, da tsawon da ake son babin ya kai.

Wani lokaci mai roƙon za ta ce, "Wallahi Anti wayar ce ta lalace, duk babin sun tafi." Idan an taɓa tura su ga masu karatu, da wuya a rasa wanda ya adana, sai a fara cigiya daga nan. Idan kuma babu, sai su zauna ta ba da labarin da baki tun daga farko, Anti tana tsayar da ita tana tambaya, sannan a sake rubuta babin da suka ɓata kafin a taɓa na goma sha uku.