Inda amsa-amon Sa'adu Zungur ke zuwa a Turanci

Waƙar Malam Sa'adu Zungur, "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", ƙwar biyu ce, kuma amsa-amo ɗaya take bi daga farko har ƙarshe, wato "ya". Duk wanda aka ba shi aikin mayar da ita Turanci don kundin waƙoƙi, a wannan gaɓar zai fara cijewa.

Hausa ce ta sauƙaƙa wa mawaƙin. Kusan duk kalmominta da wasali suke ƙarewa, ga kuma ɗimbin masu ƙarewa da "iya", irin su gaskiya da duniya da Nijeriya. Turanci ba shi da wannan rumbu, kafin a yi baiti goma kalmomi masu amo ɗaya sun ƙare. Karin ma daban yake. Na Hausa yana tafiya ne a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi, shi ya sa ake auna shi da arulin Larabci, na Turanci kuwa a kan gaɓar da ake danna wa murya.

Wani mai fassara yakan sauya amo daga baiti zuwa baiti, don kunnen Bature ya ji waƙa. Abin yana da daɗi, amma da tsada. Don ɗango biyu su yi amo ɗaya, sai a cusa sifar da Sa'adu bai faɗa ba, ko a juya jumla ta koma baibai. Gane wannan ba wuya: a ajiye fassarar kusa da asalin, a ƙirga kalmomin da ba su da uwa a Hausar. A waƙar siyasa irin wannan, wadda hujja ce kashin bayanta, gara a saki amsa-amon, a riƙe ɗango a kan ɗango.

Abin da aka saki shi ne aikin bayanin mai fassara. A sakin layi ɗaya ko biyu zai faɗi cewa asalin amo ɗaya yake bi, kuma rera shi ake yi, sannan ya ambaci bugun da ya yi aiki da shi. Zai kuma yi wa "mulukiya" sharhi, domin mai karatu a Landan sarkin Ingila zai hango, alhali Sa'adu, wanda ya rasu a 1958, yana maganar makomar sarakunan Arewa ne a jajibirin 'yancin kai.

Ba sabon aiki ba ne. Dandatti Abdulƙadir ya fitar da waƙoƙin Sa'adu da fassararsu a 1974, Hausa da Turanci cikin littafi ɗaya. Mai shirya kundi kuwa sau da yawa Turancin kaɗai yake bugawa saboda ƙarancin shafi, don haka ya kamata mai fassara ya nemi a bar masa ko da baitin farko cikin Hausa a saman bayanin.