Idan Zaure Ya Koma Cikin Waya: Yadda Ake Sake Ɗinka Lacca Don Taron Intanet

Duk wanda ya saba tsayawa gaban jama'a ya san cewa rabin aikin masu sauraro ne ke yi masa. Kana magana kana kallon fuskoki. Wani dattijo a layin gaba ya gyaɗa kai, sai ka san ka iya wucewa. Wata ta yamutsa fuska, sai ka koma baya ka kawo misali. Aka fara duba agogo, ana gyara zama, kujeru na ƙara, sai ka tsallake shafi uku ka nufi ƙarshe. Ba ka taɓa rubuta waɗannan gyare-gyare a takarda, domin a nan take zauren ke faɗa maka inda za ka yanke da inda za ka ƙara. A taron intanet wannan mataimaki ya tafi. Abin da ke gabanka baƙaƙen akwatuna ne masu ɗauke da sunaye, wani ma sunan wayarsa kawai za ka gani, kowa ya kashe kyamara ya rufe makirfo. Saboda haka duk gyaran da fuskoki ke yi maka a zaure, dole ka yi shi da hannunka tun kafin a shiga taron.

Al'amarin ya zo wa mutane ne ba shiri. Kamfanin Zoom ya ce a Disambar 2019 masu shiga taruka ta manhajarsa ba su wuce miliyan 10 a rana ba, amma zuwa Afrilun 2020, da annobar korona ta kulle duniya a gida, adadin ya kai miliyan 300. Masu lacca da yawa sun ɗauko laccar da suka saba yi a zaure ne suka juye ta cikin kwamfuta yadda take. Har yau haka ake yi.

Ni ma haka na yi. Ina da wata lacca ta minti 45, mai shafi 32, da na sha gabatar wa malaman gona a kan ajiyar wake cikin buhun PICS, wato buhun nan mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fitar. A zaure laccar tana tafiya daidai: tarihin buhun, irin ɓarnar da ƙwaro ke yi wa wake, hotuna, teburan lissafi, sannan in ɗauko buhu in ɗaure shi a gabansu. Da wata ƙungiya ta nemi in maimaita ta ta intanet ga mutum kusan 40, na yi ta kamar yadda na saba. Da na kai ƙarshe na ce, "Akwai mai tambaya?" Shiru. Can sai wani ya buɗe makirfo, ana jin ƙarar babura a bayansa, ya ce, "Malam, wai leda nawa ce a cikin buhun?" Wannan kuwa shi ne abin da na faɗa a minti na huɗu, kuma duk sauran bayanin a kansa ya hau.

Ban ga laifinsa ba. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar California da ke Irvine ta daɗe tana auna tsawon lokacin da mutum ke tsayawa kan abu ɗaya a sikirin kafin ya juya zuwa wani. A 2004 ta samu kimanin minti biyu da rabi. A bincikenta na baya-bayan nan ya sauko zuwa kimanin daƙiƙa 47. Kada a yi wa wannan adadi gurguwar fahimta: bai ce ɗan Adam ba zai iya sauraron abu fiye da daƙiƙa 47 ba, domin mutumin nan zai kalli ƙwallo minti 90 bai tashi ba. Abin da yake nunawa shi ne, na'urar da kake magana ta cikinta ita ce kuma ke kawo saƙon WhatsApp da kiran gida da sanarwar banki. A zaure kunya ke hana mutum duba waya. Idan kyamara a kashe take, babu wanda zai ji kunyarsa. Kashe kyamarar ma sau da yawa ba raini ba ne, lissafin data ne. Murya kaɗai ba ta cin fiye da kilobit 80 a daƙiƙa, wato kimanin megabait 36 a awa ɗaya, alhali bidiyon da ke cin megabit 1 a daƙiƙa zai lashe megabait 450 a wannan awar. Wanda ya sayi data da kuɗin aljihunsa ya san bambancin, kuma roƙon "a kunna kyamara" ba zai sauya shi ba.

Da aka sake gayyata ta, na fara da almakashi. Na tambayi kaina: idan mutum bai riƙe komai ba sai abu uku, me nake so su kasance? Amsar ta fito a sauƙaƙe. A busar da wake sosai kafin a zuba. A duba ledojin kada a samu huda. A matse iska a ɗaure kowace leda ita kaɗai, ta ciki da farko, sannan ta biyu, sannan buhun waje, domin rashin iska ne ke kashe ƙwaron, ba magani ba. Duk abin da bai taimaki ɗaya daga cikin ukun nan ba na cire shi na zuba a takardar PDF, na tura musu kwana ɗaya kafin taro. Tarihin buhun ya tafi, teburan lissafi sun tafi. Minti 45 ya koma 20. Ya yi mini ciwo, domin shafin tarihin nan na fi so, amma ni kaɗai yake burgewa.

Na kuma juya tsarin. A zaure ana iya yin shimfiɗa, a bi a hankali har a kai ga gundarin magana, tunda ba inda mutane za su je. A intanet na faɗi abubuwa ukun nan a minti na farko, kafin ma in gama gaisuwa da kyau, sannan na sake faɗin su a tsakiya da ƙarshe. Dalilin a fili yake: sabis zai yanke wa wasu, su fita su dawo, wasu kuma za su shigo a makare. Ma'aikatan rediyo sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa suke yawan cewa "idan yanzu kuka kama mu". Ba su taɓa ganin fuskar mai sauraro ba, don haka suke gina shirinsu yadda wanda ya murɗo akwatinsa a tsakiya ba zai ɓata ba. Mai gabatar da lacca a intanet ya fi kusa da ɗan rediyo fiye da malamin aji.

Shafukan kansu sai da na sake su. Abin mamaki, yawansu bai ragu sosai ba, daga 32 zuwa 24 ne, amma kowanne ya zama magana ɗaya: hoto ɗaya, kalmomi biyar ko shida da manyan baƙaƙe, da lamba babba a kusurwa. Shafin da ke ɗauke da matakan ɗaure buhu guda biyar na raba shi biyar, yadda duk bayan kusan minti ɗaya wani abu zai sauya a idon mai kallo. Richard Mayer, masanin yadda ake koyo ta hoto da murya, ya nuna cewa idan aka haɗa hoto da bayanin baki, sannan aka sake rubuta bayanin nan kalma da kalma a allo, fahimta raguwa take yi, domin ido da kunne na rige-rigen abu ɗaya. Lambar kuwa saboda jinkiri ce. Inda sabis ba shi da ƙarfi, murya kan riga hoto isa, sai ka ce "ku dubi wannan" alhali su na baya suke gani. Na daina cewa "wannan" da "nan", na koma cewa "muna shafi na 9, hoton ledar da aka hura wa iska". Wanda hoto ya tsaya masa sai ya buɗe PDF ɗinsa ya bi. Gwajin da na yi kafin taro shi ne shiga da wayata in kalli shafukan a kanta. Duk rubutun da sai na kusantar da wayar fuskata kafin in karanta, na ƙara masa girma ko na goge shi.

Mafi wuyar aikin shi ne maye gurbin fuskokin da na rasa. "Kun gane?" da "akwai tambaya?" ba sa haifar da komai a intanet, domin tambaya ce da ba ta da mai ita, kowa na jiran wani. Sai na dasa tambayoyi huɗu a cikin minti 20 ɗin, kusan ɗaya duk bayan minti biyar, kowacce da amsar da za a iya bugawa da babban yatsa a `Chat`. Bayan bayanin ɗauri na ce, "Manomi ya haɗa bakin ledoji biyun da buhun waje ya ɗaure su da igiya ɗaya. In daidai ne ku rubuta 1, in kuskure ne ku rubuta 2." Amsoshi suka fara zubowa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku suka rubuta 1. Wannan ita ce yamutsa fuskar da da zan gani a zaure. Na koma shafi na 14 na sake bayani da wasu kalmomi. Irin wannan tambaya tana kuma ƙirga maka mutane: idan sunaye 40 ne a jeri amma amsa 12 ta shigo, ka san adadin waɗanda kake magana da su na haƙiƙa.

Shirun da ke biyo bayan tambaya shi ma sai an koye shi. A hira ta ido da ido, tazarar da ke tsakanin ƙarshen maganar wani da farkon amsar ɗan'uwansa ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, shi ya sa shirun daƙiƙa uku ke yi wa mai magana kamar shekara. Tun shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta gano cewa malaman makaranta kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan tambaya, kuma idan suka kai uku amsoshi kan ƙaru, su kuma yi tsawo. A intanet uku ma ba ta isa ba. Mutum sai ya ciro waya daga aljihu, ya nemo maɓallin `Unmute`, ya jira ya ga ko wani zai riga shi. Ni goma nake ƙirgawa a zuci, kuma ina faɗa musu cewa zan jira, don kada su ɗauka sabis ne ya ɗauke. Idan zan kira suna, sunan nake fara faɗa kafin tambayar, "Hajiya, ke da kike aiki da mata masu ajiyar wake, zan zo gare ki", yadda za ta samu sararin dawo da hankalinta ba tare da an kunyata ta ba.

Akwai abin da duk wannan dabara ba ta iya yi ba. A zaure nakan miƙa ledar ta zaga hannu-hannu, kowa ya taɓa kaurinta, ya hura mata iska ya matse ya ji ko tana tsiyaya. Na gwada nuna wannan a kyamara, hoton ya riƙa tsinkewa, hannuna ya zama kamar hayaƙi. Sai na ɗauki ɗan gajeren bidiyo na minti ɗaya na tura musu tare da takardar, na kuma roƙi wanda ke da buhu a kusa ya ajiye shi gefensa lokacin taro. Mutum shida suka zo da nasu. Ɗaya daga cikinsu ya hura tasa ledar muna ji, ya ce iska na fita ta wajen gindi, sai sauran suka shiga tambayarsa inda ya saye ta da kuma yadda ya adana ta tun bara. Minti bakwai suka yi a kan wannan leda, ni kuwa na rufe makirfona ina saurare.