Wasiƙar Malama da Hoton Aikin Gida

Tun da annobar korona ta rufe makarantu a shekarar 2020, malamai suka sami sabon aikin rubutu: wasiƙar da ke koya wa iyaye yadda yaro zai ɗauki hoton aikin gidan da ya yi a tabulet, ya miƙa. Manhajojin koyo da yawa ba sa aika wa malami sakamako da kansu. Yaro zai gama lissafi, maki ya fito a sikirin, yana rufewa shi ke nan an rasa shaida. Sikirinshot ne ke tsayawa a matsayin littafin da ake kai wa malam ya duba.

Mu ɗauki malamar 'yan aji huɗu da ta ba da tambayoyin ninkawa guda 10. Abin da wasiƙarta za ta fara warwarewa shi ne madannai, domin ba kowane gida ke da na'ura iri ɗaya ba. A yawancin tabulet masu Android, ana danna madannin kunnawa da na rage sauti lokaci guda, a saki da sauri. A iPad mai zagayayyen madannin Home, shi ake haɗawa da na sama; wanda ba shi da Home kuwa, na sama da ɗaya daga cikin na sauti. Idan an dace, sikirin zai yi walƙiya, ɗan ƙaramin hoto ya bayyana a ƙasa. Idan ma'aunin sauti ne ya fito, yatsa ɗaya ya riga ɗan'uwansa, sai a sake.

Danna madanni ba shi ne mai wuya ba, yara ma sukan fi iyayensu iyawa. Inda malama mai lura ke tsawaita bayani shi ne abin da ya kamata ya fito a hoton. Yaro ya ga 8 cikin 10, murna ta kama shi, ya yanke hoton ya bar makin kawai. Malama ta buɗe, ba ta san wane darasi ba ne, ba ta kuma ga tambayoyi biyun da ya faɗi ba, alhali su ne take nema don ta san inda za ta maimaita gobe. Saboda haka wasiƙar kan roƙi iyaye kada a yanke komai: sunan darasi da amsoshi da maki su fito tare. In aikin ya fi tsawon sikirin, a ɗauki hoto biyu, ko a taɓa Capture more, wanda ya zo da Android 12 a 2021.

Wani lokaci hoton kan fito baƙi ƙirin, ko na'urar ta ƙi ɗauka. Ba lalacewa ta yi ba; manhajar ce ko makarantar ta toshe ɗaukar hoto. Mafita ita ce a ɗauki sikirin ɗin da kyamarar wata waya.

Sai miƙawa, kuma a nan ne aka fi samun saɓani tsakanin gida da makaranta. Hoton yana cikin kundin Screenshots, a Gallery ko Photos. A Google Classroom, yaro zai shiga Classwork, ya buɗe aikin, ya jawo Your work, ya taɓa Add attachment, wanda a wasu na'urorin ake rubuta Add work, ya zaɓo hoton. Yana ganin hoton ya hau sai ya ajiye tabulet ya tafi wasa. Uwa ta shaida da idonta ɗanta ya tura, amma washegari aikin yana nuna Missing. Dalili kuwa ba a taɓa Turn in ba. Wasiƙar da ta amsa sunanta za ta ce kada a rufe sai Assigned ta koma Turned in, kuma a ɗan jira idan sabis na rawa. In an gano hoton da ba shi ba aka tura, Unsubmit na dawo da aikin a gyara, sai dai in lokaci ya wuce zai nuna an makara.

Makarantun da ke amfani da WhatsApp suna da tasu matsalar. Manhajar tana matse hoto don rage cin data, ƙananan lambobi su dusashe. Tura shi a matsayin Document yana barin sa tar yadda yake. Ya kamata malama ta faɗi ƙarara cewa ita kaɗai za a tura wa, tare da sunan yaro da ajinsa a ƙasan hoton. A zauren aji, iyayen kowa za su ga makin yaron, sauran yara kuma su kwashi amsoshinsa.